Yadda ake mayar da bayanan taro da aka kwafo daga rubutun hannu su zama tsararriyar takarda a Word

Sakataren ƙungiya yakan rubuta bayanan taro a littafi yana sauri, mutane na magana, wani na katse wani. Bayan kwana biyu sai a kwafe rubutun a waya, a turo shi ta WhatsApp a dunƙule: babu kanu, babu sakin layi, haruffa masu lanƙwasa duk sun ɓace. Aikin da ya rage shi ne a raba wannan dunƙule yadda duk wanda ya ɗauki takardar zai ga abin da aka yanke da wanda aka ɗora wa aiki ba tare da ya karanta shafi biyu ba. Matakan da ke ƙasa na Word ne a kwamfuta, kuma an nuna inda Google Docs ya bambanta.

Kafin ka taɓa komai

Ka ajiye kwafi biyu. Na farko shi ne rubutun kamar yadda aka turo shi, ba za ka gyara ko harafi ɗaya a cikinsa ba. Na biyu shi za ka yi aiki a kai. Ka kuma nemi hoton shafukan littafin, domin wanda ya kwafa zai iya karanta 7 a matsayin 1, ko ya tsallake layin da aka maƙala a gefen shafi. Takardar taro hujja ce. Ranar da gardama ta tashi kan kuɗi, ita za a ɗauko, don haka mai tsarawa yana da ikon sauya wurin magana da gyara ƙa'idar rubutu, amma ma'ana da adadi ba nasa ba ne.

Buɗe sabuwar takarda, ka shiga Layout, sannan Size, ka zaɓi A4. Word yakan zo a kan Letter, wadda ta fi A4 faɗi kuma ta fi ta gajarta, sai a je shagon bugawa a ga shafuka sun jirkice. Wajen manna rubutun, danna dama na linzami ka zaɓi Keep Text Only. A Google Docs kuwa Ctrl+Shift+V ne. Hakan yana hana rubutun shigowa da launi da girman haruffa na inda aka kwafo shi.

Ga misalin irin abin da za ka gani, na wata ƙungiyar unguwa:

"an bude taro da addua 4:30 mutum 23 sunzo baki biyu. maaji yace kudin asusu 184500 an kashe 32000 gyaran famfo. maganar kwalbati wasu sunce a jira damina ta wuce wasu a fara yanzu daga karshe an yarda a fara kowane gida 2000 sakatare zai kai takarda wa mai unguwa kafin jumaa. maaji ya kara da cewa gida 11 basu biya na wata ba. masu gadi suna neman kari an dage sai zama na gaba. an tashi 6:10"

Share dattin da ido ba ya gani

Danna Ctrl+Shift+8. Alamar ¶ za ta bayyana a ƙarshen kowane sakin layi, ɗigo kuma a kowane gurbi tsakanin kalmomi. A nan ne za ka ga ɓarnar: gurbi uku inda ake buƙatar ɗaya, layin da aka karya a tsakiyar jimla, sakin layi huɗu da babu komai a cikinsu. Idan ka bar su, kowane karyayyen layi zai zama ɗigo mai zaman kansa a lokacin da ka yi jeri, sai jimla ɗaya ta rabu gida uku.

Ana share su da Ctrl+H, wanda ke buɗe akwatin nema da musanyawa. A wannan akwati, ^p yana nufin ƙarshen sakin layi, ^l karyar layi ta hannu, ^w kuma duk wani gurbi komai yawansa. Idan rubutun ya zo da layuka a kakkarye, kuma an raba batu da batu da layi marar komai, bi wannan tsari, ɗaya bayan ɗaya, na hagu a gurbin Find what, na dama a gurbin Replace with, kana danna Replace All kowane karo:

```
^l     ->  ^p
^p^p   ->  @@@
^p     ->  (gurbi ɗaya)
@@@    ->  ^p
^w     ->  (gurbi ɗaya)
```

Hikimar @@@ ita ce a ɓoye rabuwar gaskiya kafin a haɗe layukan da suka karye bisa kuskure, sannan a dawo da ita. Wanda ya tsallake wannan mataki ya fara da na uku, duk takardarsa za ta dunƙule ta zama sakin layi ɗaya. Idan hakan ta faru, Ctrl+Z zai mayar da kai baya. Sai dai ka lura, idan a cikin rubutun akwai jerin sunayen mahalarta, kowane suna a layinsa, ka yanke shi ka ajiye a wani wuri tukuna, in ba haka ba sunayen za su haɗe a layi guda.

Mayar da lanƙwasa, amma da ido

Yawancin masu kwafa a waya ba sa sa ɓ, ɗ, ƙ da hamza. Akwai kalmomin da babu shakka a kansu, kamar kudi, kungiya, karfe, bude, addua da maaji. Waɗannan za ka iya musanya su gaba ɗaya da Replace All. Akwai kuma waɗanda ba a yi musu haka, domin dukkan siffofinsu biyu kalmomi ne na gaske: kasa da ƙasa, kafa da ƙafa, kara da ƙara, baki da baƙi. Idan ka musanya kowane kasa da ƙasa, jimlar "kwamiti ya kasa kammala aiki" ta lalace. A irin waɗannan, yi amfani da Find Next, ka duba jimlar, sannan ka danna Replace ko ka wuce. A misalinmu "baki biyu" baƙi ne guda biyu, "kari" kuma ƙari ne, "an dage" an ɗage ne. Wannan ta ƙarshe tana da haɗari, don "an dage" da "an ɗage" kusan kishiyar juna suke a takardar taro.

Idan madannin kwamfutarka ba shi da haruffan Hausa, rubuta lambar harafin ka danna Alt+X nan take:

```
U+0253 ɓ    U+0181 Ɓ
U+0257 ɗ    U+018A Ɗ
U+0199 ƙ    U+0198 Ƙ
U+20A6 ₦
```

Kada ka yar da U+ ɗin. Idan ka rubuta ba0199 kana son baƙi, Word zai ɗauki b da a a matsayin ɓangaren lambar, sai abin ya ƙi. Game da nau'in rubutu, tsaya kan Times New Roman ko Arial. Nau'o'in ado da yawa ba su da haruffanmu, kuma alamar hakan ita ce ka ga ƙ ta fito da wata siffa daban da sauran haruffan kalmar, ko ta zama ɗan akwati a wata na'urar. Jan layin da Word ke sawa a ƙarƙashin kalmomin da bai sani ba, wanda zai cika shafi kuwa, ka zaɓi rubutun duka da Ctrl+A, ka shiga Review, Language, Set Proofing Language, ka sa alama a Do not check spelling or grammar.

A wannan zagayen ne kuma za ka raba kalmomin da aka manne: yace ya koma ya ce, sunzo ya koma sun zo, basu biya ba ya koma ba su biya ba.

Rarraba magana: nan ne ainihin aikin

Kada ka yi gaggawar sa kanu. Karanta rubutun jimla-jimla, kana tambayar kowace: wannan bayani ne kan zaman kansa, ko rahoto ne da wani ya bayar, ko ra'ayi ne da aka faɗa, ko hukunci ne da aka yanke, ko aiki ne da aka ɗora wa wani? Danna Enter duk inda amsar ta sauya. Jimlar kwalbati a misalinmu tana ɗauke da kaya uku a buhu ɗaya. Akwai ra'ayoyi biyu masu karo da juna, akwai hukunci cewa a fara kuma kowane gida ya ba da kuɗi, akwai aikin da aka ba sakatare da wa'adinsa. Kowanne sai ya samu layinsa.

Mutane ba sa magana bisa ajanda. Ma'aji ya yi rahotonsa, an shiga batun kwalbati, can kuma ya tuna da gidaje 11 da ba su biya ba. A littafi maganar ta zo a ƙasa, amma gidanta yana ƙarƙashin rahoton kuɗi. Sa alamar rubutu a kan layin, ka danna Alt+Shift da kibiyar sama, sakin layin zai riƙa hawa mataki-mataki har inda kake so. Wannan ya fi yanka da mannawa aminci, domin babu abin da zai salwanta a hanya. Akwai wurin da ba a yin wannan ɗauki-sauke: idan an yanke hukunci, daga baya a zaman aka warware shi aka yanke wani, bar su a jeren da suka faru, don jeren shi ne ke nuna wanda ya tsaya.

Yanzu dubi abin da rubutun bai fayyace ba. Shin ₦184,500 kuɗin da ke asusu ne kafin a cire na famfo, ko bayan an cire? Idan kafin ne, abin da ya rage ₦152,500 ne. Bambancin ₦32,000 ya isa ya ɓata wa ma'aji suna a unguwa. Haka nan ₦2,000 na kowane gida, sau ɗaya ne ko duk wata? Kuma wace Juma'ar? Mai tsarawa ba ya cike waɗannan guraben da tunaninsa, ko da yana ganin ya san amsa. Shafa musu launin rawaya da Text Highlight Color, ka tattara tambayoyin, ka tura wa sakatare gaba ɗaya. Takarda ba ta fita sai rawayan ya ƙare.

Kwanan wata a rubuta shi cikakke da sunan watan. Idan aka rubuta 6/4, wani zai karanta 6 ga Afrilu, wani 4 ga Yuni. "Kafin Juma'a" ya zama ranar da kwanan watanta, domin bayan wata uku babu mai tuna Juma'ar da ake nufi. Kuɗi kuma su bi siffa ɗaya daga farko har ƙarshe, alamar naira a gaba, waƙafi a dubbai.

Kanu na gaske

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zaɓi layi, a kaurara shi, a ƙara masa girma, a ce an yi kai. A ido ya yi kama da kai, amma a wurin Word layi ne kamar kowane. Ba zai fito a jerin kanu ba, zai iya maƙalewa shi kaɗai a gindin shafi alhali bayaninsa na shafi na gaba, kuma ranar da shugaba ya ce a rage girman kanun, sai ka bi su ɗaya-ɗaya.

Abin da ake yi shi ne a sa alamar rubutu a kan layin, a ba shi salo daga akwatin Styles da ke Home. Sunan ƙungiya da nau'in taro su ɗauki Title. Manyan sassa su ɗauki Heading 1 da Ctrl+Alt+1, ƙananan batutuwa a ƙarƙashinsu Heading 2 da Ctrl+Alt+2. Waɗannan maɓallan iri ɗaya ne a Google Docs. Idan ka sa wa layi kai bisa kuskure, Ctrl+Shift+N zai mayar da shi Normal a Word, Ctrl+Alt+0 a Google Docs. Mataki biyu sun ishi takardar taro. Wanda ya kai Heading 3 a takarda mai shafi biyu ya yanyanka ta fiye da kima.

Manyan sassan da aka saba su ne buɗe taro, mahalarta da masu uzuri, karanta bayanan zaman baya da amincewa da su, abubuwan da suka taso daga ciki, rahoton kuɗi, batutuwan ranar, sauran batutuwa, sai rufe taro. Sashen da ba a yi shi a zaman ba, kada ka ƙirƙira masa kai. A misalinmu ba a ambaci karanta bayanan baya ba, saboda haka wannan ma tambaya ce ga sakatare.

Kanun Word sukan zo da shuɗin launi da ba kowa ke so a takardar ƙungiya ba. Kada ka gyara su a kan shafi. Danna dama a kan Heading 1 a akwatin Styles, zaɓi Modify, ka sa baƙi, girma 14, mai kauri. Heading 2 ya zama 12 mai kauri, Normal 12 ko 11. Duk kanun za su sauya lokaci guda. Tazarar da ke tsakanin sassa ma daga nan ake sa ta, ta Format, Paragraph, Spacing: Before 12 ga kai, After 6 ga Normal. Danna Enter sau biyu don samun fili shi ke dawo da dattin da ka share ɗazu.

Gwajin yana da sauƙi. Shiga View, ka sa alama a Navigation Pane. Duk kan da bai bayyana a gefen hagu ba, na bogi ne. Idan kuma ka ga dogon sakin layi ya bayyana a can, ko layi marar rubutu, to ka ba shi salon kai bisa kuskure.

Ɗigo ko lamba

Jeri mai ɗigo na abubuwan da za a iya sauya musu wuri ba tare da an yi asara ba ne, kamar ra'ayoyin da aka bayyana ko alƙaluman rahoto. Jeri mai lamba na abubuwan da ake ƙirgawa ko ake komawa a ambata ne. Mahalarta su samu lamba, domin lambar ƙarshe ta nuna ko mutum 23 ɗin sun cika. Hukunce-hukunce ma su samu lamba, don a zama na gaba a iya cewa a dubi hukunci na biyu. Ƙa'idar ɗaya ce da ta takardar girki: kayan haɗi ɗigo, matakan dahuwa lamba, tunda ba a soya albasa kafin a zuba mai. A can ma ba a taɓa ma'auni, gwangwani ya tsaya gwangwani, mudu ya tsaya mudu.

Zaɓi layukan, ka danna Bullets ko Numbering a Home. Ctrl+Shift+L ma yana sa ɗigo a Word. A Google Docs ɗigo Ctrl+Shift+8 ne, lamba Ctrl+Shift+7, don haka kada maɓallin ya ruɗe ka, aikinsa daban ne a manhajojin biyu. Idan wanda ya kwafa ya riga ya sa karan ɗori ko lambobi da hannu a farkon layuka, duba da kyau bayan ka sa jerin, ka goge duk wanda ya rage, kada a ga ɗigo da kara a jere. Tab a farkon layi yana tura shi ya zama ɗan jeri a ƙarƙashin na sama, Shift+Tab yana dawo da shi. Idan kana son layi na biyu a cikin ɗigo ɗaya ba tare da sabon ɗigo ba, Shift+Enter ne.

Lambobi suna da halinsu. Sau da yawa jerin hukunci zai ci gaba daga inda jerin mahalarta ya tsaya, sai hukunci na farko ya fito da lamba 24. Danna dama a kan lambar ka zaɓi Restart at 1. Idan kuma akasin haka ne, kana son hukuncin batu na biyu ya ɗora daga na farko, zaɓi Continue Numbering. Ga hukunce-hukunce, ɗorawar ta fi, domin takarda ɗaya kada ta ƙunshi hukunci na 1 har guda uku.

Kowane jeri ya bi ƙira ɗaya. Idan layin farko ya fara da "An amince", sauran ma su fara da irin wannan aikatau. Kuma ba kowace magana ce ta dace da ɗigo ba. Inda aka ce an ɗage batu saboda wani dalili, jimla cikakkiya ta fi, domin ɗigo yana yanke "saboda" da "amma", su kuwa su ne ke riƙe da dalili.

Ga yadda tsakiyar misalinmu za ta tsaya, bayan sakatare ya amsa cewa kuɗin asusun bayan cire na famfo ne, gudummawar kuma sau ɗaya ce:

Rahoton kuɗi
- An kashe ₦32,000 wajen gyaran famfo.
- Abin da ya rage a asusu ₦184,500 ne.
- Gidaje 11 ba su biya kuɗin wata ba.

Aikin kwalbati
Wasu sun ga a jira damina ta wuce, wasu kuma sun ga a fara yanzu.
1. An amince a fara aikin yanzu.
2. An amince kowane gida ya ba da ₦2,000 sau ɗaya.

Buƙatar masu gadi
Masu gadi sun nemi ƙarin albashi. An ɗage batun zuwa zama na gaba.

Ayyukan da aka ɗora wa mutane kuwa, tebur ya fi jeri dacewa da su, saboda kowane aiki yana da sassa uku. Shiga Insert, Table, ka yi ginshiƙi uku: aiki, wanda zai yi, wa'adi. Sa shi kafin rufe taro. Gurbin da ya fito babu komai a teburin yana tona aikin da aka yanke amma ba a ba kowa ba. A misalinmu za ka ga babu wanda aka ce ya karɓi kuɗin kwalbatin. Bar gurbin da kalmomin "ba a ayyana ba", ka sanar da shugaba.

Dubawa da fitarwa

Ɗauki hoton littafin a hannu ɗaya, ka bi takardar adadi bayan adadi, suna bayan suna. Mutum biyu sun fi: ɗaya na karanta littafi da ƙarfi, ɗaya na bin allo. Ƙirga hukunce-hukuncen da ke littafin, ka ga ko sun yi daidai da na takardar. A ƙasa ka bar wurin sa hannun shugaba da sakatare da kwanan wata, ka yi shi da tebur mai ginshiƙi biyu da aka cire wa layuka, domin wanda aka jera da gurabe yakan karkace da zarar an buɗe shi a wata kwamfutar. Lambar shafi tana Insert, Page Number. Har sai an karanta takardar a zama na gaba an amince da ita, rubuta "Daftari" a samanta.

Abin da za a tura wa mambobi ya zama PDF, ta File, Save As, don tsarin ya tsaya yadda yake a kowace waya kuma kada wani ya taɓa adadi cikin sauƙi. Fayil ɗin Word ya zauna wurin sakatare. Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, kamar 2025-04-06-bayanan-taro, yadda fayilolin za su jeru da kansu bisa kwanan wata. Kafin ka tura, buɗe PDF ɗin a waya ka duba ƙ, ɗ, ɓ da alamar naira. A wata mai zuwa kuma, buɗe wannan fayil ɗin na Word, ka ajiye shi da sabon suna, ka goge bayanan ciki ka bar kanun da teburin, sai ka manna sabon rubutu da Keep Text Only.